Rubutun Zaman Rijiyar Mata

Rijiyar tana can gangare, bayan layin masu masaukin goro, an kewaye ta da zana. Rijiyar Mata ake ce mata a Sabo, unguwar Hausawa a garin Badun, don kusan kowane gida na layin yana da 'yar ƙofa ta baya da ke fita wajenta, mace ta ɗebo ruwanta ta koma ba tare da ta taka titi ba. Tun shekarar da aka tattara Hausawan Badun aka ce su zauna a wannan daji na gefen Mokola aka haƙa ta, kafin ma a gama masallaci. A kanta ne Gwadabe da Babandi suka yi faɗa a zaman masu masauki, ranar wata Juma'a cikin damina, shekara goma sha biyar da kafa unguwar.

Zaman masu masauki ba wani babban abu ba ne. Dattawa tara ne, masu saukar da fataken goro da na shanu, sukan taru a zauren Baba Isiyaku bayan la'asar duk Juma'ar farko ta wata, su yi maganar kwata da shara da baƙon da ya mutu ba dangi. Ofishin Di'o, Baturen mulki, ya yarda su riƙa taruwa, amma da sharaɗi: duk abin da aka yanke a rubuta a littafi, a karanta a zama na gaba, in kowa ya yarda haka aka yi shugaba ya sa hannu, sannan a kai wa ofis kwafe. Mai wannan rubutu shi ne Malam Maharazu. Ba ya cikin taran, ba ya ɗaga hannu in ana ƙirga ra'ayi. Nasa ya zauna a gefe da alƙalamin kara da kurtun tawada, ya ji, ya rubuta.

Maharazu ya sha wuya kafin ya iya aikin. Shi malamin rubuta wasiƙu ne tun daga Zariya, hannunsa ya saba da bin kowane suna da addu'a. Rubutunsa na farko da ya kai ofis, wanda ya yi magana mai daɗi ya samu "Allah ya ƙara masa daraja", wanda ya yi gardama kuma ya samu "Allah ya shirye shi". Akawun da ke juya ajamin zuwa Turanci, wani Bayerabe mai furfura da ya zauna a Kano ya ji Hausa, ya dawo masa da takardar.

"Malam, wannan ai hukunci ka yanke," in ji akawun. "Wanda ka ce Allah ya shirye shi, ka gaya wa Bature ɓatacce ne. Ka rubuta ranar, ka rubuta waɗanda suka zo da waɗanda suka aiko da uzuri. Ka rubuta maganar da aka kawo, da dalilin wannan ɓangare, da dalilin wancan. Ka rubuta abin da aka yanke, da hannu nawa, da wanda aka ɗora wa aikin. Tsawa da zagi da wa ya nuna wa wa yatsa, ka bar su a zaure."

Maharazu ya ji haushi a ranar, don ba wanda yake son a koya masa riƙon alƙalami yana da gemu. Amma ya kama, har ya fi mai koya masa tsanani. Dattawan kan tsokane shi su ce ko rufin zaure ya faɗo musu a ka, shi dai zai rubuta an tashi da wuri.

To, a wannan Juma'ar, Babandi ne ya kawo maganar. Ya ce tun da ruwan sama ya yi ƙarfi ruwan rijiyar ya sauya kala, yana wari, kuma kowa ya san sabuwar salgar da aka haƙa wa baƙi a saman gangaren. Ya ce a rufe ta har rani. Gwadabe, wanda masaukinsa ya fi na kowa baƙi, ya ce in an rufe ta matan layin su sha me? Rafi yana da nisa, matan aure ba sa fita, masu sana'ar fura da koko da tuwo a cikin gida da ruwan nan suke ci da kansu. Ya ce duk damina ruwan yakan yi ja, ya kwanta, ba a taɓa jin ya kashe kowa ba.

Da a nan aka tsaya da an rabu lafiya, don duk su biyun suna da gaskiyarsu. Amma Gwadabe mutum ne mai murya kamar yana kiran shanu, Babandi kuma harshensa kaifi gare shi. Babandi ya ce salgar ai ta masaukin Gwadabe ce, shi ya sa yake kare ta. Gwadabe ya ce 'yan garuwar unguwar nan duk a gidan Babandi suke kwana, rufe rijiya kasuwarsa ce. Aka shiga tone-tone, har aka kai ga wanda ya zo Badun da wando ɗaya. Gwadabe ya miƙe ya buga sandarsa a ƙasa ya ce sai dai a bi ta kan gawarsa a rufe rijiyar. Baba Isiyaku ya yi ta ba da haƙuri har muryarsa ta dishe, sannan ya ce a ɗaga hannu. Bakwai suka ce a bar ta a buɗe, biyu suka ce a rufe. Babandi ya ce a rubuta da sunansa cewa bai yarda ba. Aka ɗora wa Gwadabe ya sa a yashe rijiyar in ruwa ya ɗauke.

Maharazu ya kwashe duk wannan a 'yar takardar da yake tsinta-tsinta a kanta lokacin zama, da zagin da komai, don hannu ba ya tsayawa tacewa ana cikin hayaniya. Al'adarsa sai ya bari kwanaki su wuce, zuciya ta huce, sannan ya zauna ya fitar da tsabtataccen rubutu a littafi. Ya naɗe takardar ya sa a gafaka ya tafi gida.

Matarsa Rahmatu tana damun fura ya tarar. Ya ba ta labarin faɗan, ya ce ko za ta riƙa sayen garuwa zuwa rani. Ta yi dariya ta ce tun tana amarya take shan ruwan nan, in da kisa yake yi da tuni ya huta da surutunta. Ta ce garuwa ɗaya ko wanke ƙoren fura ba za ta isa ba.

Ruwa bai ɗauke ba. Kafin sati ya zagayo cutar amai da gudawa ta shiga layin, gida bayan gida, duk masu ƙofar baya. Ta ɗauki wata tsohuwa, ta ɗauki yara a gidaje biyu, ta ɗauki wani baƙon Gwadabe da ya zo da shanu daga Sakkwato. Rahmatu ta kwanta da safe. Washegari da azahar aka yi mata sutura.

Ba zan tsaya a kan zaman makoki ba. Duk wanda ya taɓa zama a tabarmar nan ya san yadda take. Abin da ya kamata a sani shi ne, ana cikin zaman, sai dubagari ya zo, wanda mutanen gari ke kira wolewole, ya sa aka ɗaure bakin rijiyar da katako. Kafin ya tafi ya tsaya a zauren Baba Isiyaku ya faɗi saƙon ofis. An ji labari cewa an kawo shawarar rufe rijiyar aka hana. Di'o yana so ya san wanda ya hana, kuma yana jiran kwafen zaman. A Sabo ta wancan lokaci kowa ya san ma'anar wannan. Mu baƙi ne a ƙasar mutane, izinin zama ne ya zaunar da mu, wanda ofis ya ɗora wa laifi ana sa shi a jirgin ƙasa ne a ce kada a ƙara ganinsa. Gwadabe kuwa ya tsufa a nan, matansa da jikokinsa da kabarin uwarsa duk a nan suke, ba shi da wani gida a Arewa da zai koma sai suna.

Littafin kuma har yanzu ba a rubuta komai a cikinsa ba. Zaman gaba ne za a karanta, a sa hannu, a aika. Duk unguwar ta san takardar tana gafakar mutumin da ya binne matarsa.

Gidan Maharazu ya zama wani iri. Da rana tsaka, yana zaune a tsakar gida, sai ya ji ƙarar guga yana bugun bangon rijiya, da jan igiya, da zubar ruwa a tulu. Ya sani sarai an ɗaure bakin rijiyar. Duk da haka yakan tashi ya leƙa ta ƙofar baya, ya tarar ba kowa sai zana da ta jiƙe ta yi baƙi da kwaɗi a cikin ciyawa. A kusurwar ɗakin girki akwai randar Rahmatu, cike da ruwan da ta ɗebo da hannunta ranar da ta kwanta. Ya san ya kamata a zubar. Ya kasa. Ba ya sha, ba ya alwala da shi, ba ya kuma barin kowa ya taɓa. Wani lokaci yakan ɗaga faifan da aka rufe ta da shi, ya ga ja-jan ƙasar ya kwanta a ƙasa, ruwan ya yi garau kamar bai san komai ba.

Yayar Rahmatu, Hawa, ita ta zauna a gidan tana dafa wa masu ta'aziyya abinci. Bazawara ce mai sayar da tuwo a bakin tasha, ba ta iya ɓoye magana ba. Wata safiya ta same shi ya baza littafin a gabansa, alƙalami a hannu, shafin fari fat.

"Malam, me kake jira?" ta ce. "Kai kana wurin. Ka ji shi da kunnenka ya ce sai dai a bi ta kan gawarsa."

"Na ji, Yaya."

"To gawarsa ce aka ɗauka daga ɗakin nan? Ba ƙarya na ce ka yi masa ba. Abin da ya faɗa kawai za ka rubuta."

Ta koma wajen murhu. Maganarta kuwa ta zauna masa, don gaskiya ce. Ba sai ya ƙirƙiri komai ba. Ya ciro 'yar takardar daga gafaka, ga shi nan da hannunsa: Gwadabe ya miƙe, ya buga sanda, ya rantse. Ya ɗauko wata takardar banza ya gwada. Ya rubuta, "Babandi ya gargaɗi majalisa, Gwadabe ya ƙi ji, ya yi tsawa, ya dage a bar rijiyar." Ya karanta, ya ji wani sanyi a ƙirjinsa da bai ji ba tun ranar jana'iza. Babu kalma ɗaya ta ƙarya a ciki. Ya kuma san yadda za ta fita in akawu ya juya ta zuwa Turanci, don "ya ƙi ji" tana ƙara nauyi a hanya, kafin ta isa teburin Bature ta zama laifi mai kai mutum tasha.

Yana son ta isa. Wannan kam ba a ɓoye yake ba, kuma ni ban ga laifinsa ba. Yana son ya ga an sa Gwadabe a jirgi da buhun kayansa. Yana son ya samu mutum ɗaya mai fuska da suna wanda zai ce shi ne, ya huta da jin guga.

Da hantsi Babandi ya zo, wai gaisuwa. Ya zauna ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya matso.

"Malam, Allah ya sani na faɗa musu. Ina so littafi ya nuna na gargaɗe su suka yi kunnen ƙashi. Kuma a rubuta salgar ta waye."

"Ka nemi a rubuta ba ka yarda ba, Maigida Babandi. Za a rubuta da sunanka."

"Wannan kaɗai?"

"Shi ka nema a zaman."

Babandi ya tafi ba da daɗin rai ba. Zuwansa ne ma ya ɓata wa Maharazu jimlar tasa. Ya sake karanta ta, sai ya ji ta da muryar Babandi. "Ya gargaɗi" ta mai da ɗaya annabi, "ya ƙi ji" ta mai da ɗaya jaki. Amma ranar Juma'ar nan ba wanda ya san abin da zai faru. Mutum biyu ne suka kawo dalili, kowanne da son zuciyarsa a gauraye, mutum bakwai suka zaɓi ɗaya. Shi kansa da yake gefe, da an ce ya ɗaga hannu, bai san inda zai ɗaga ba, don dalilin da Gwadabe ya kawo shi ne dai wanda Rahmatu ta faɗa masa tana dariya. Littafin na ranar Juma'a ne. Mutuwar ta zo daga baya, ba ta halarci zaman ba, ba ta da wuri a shafin.

Sanin wannan bai sauƙaƙa masa komai ba. Ya yi kwanaki yana buɗe littafin yana rufewa. Ya rame, ya daina zuwa rumfarsa ta rubuta wasiƙu. A masallaci Gwadabe ya daina tsayawa a sahun gaba, yakan zo a makare ya tsaya can baya kusa da takalma, ya fice kafin a shafa addu'a. Mutumin da ake jin muryarsa daga Mokola ya koma ba a jin ko tarinsa. Mutane suka fara janye masa, har wasu fataken suka kwashe huhunan goronsu suka koma wani masaukin.

Ranar Alhamis, jajiberin zama, bayan sallar asuba gari ya waye, Maharazu ya tarar tawadarsa ta bushe a kurtu. Ya nemi ruwan da zai jiƙa ta, garuwar da Hawa ta saya ta ƙare. Ya tsaya a gaban randar. Ya daɗe a tsaye. Daga baya ya fita ya tari ruwan sama da ke ɗiga daga indararo, ya dawo ya zauna, ya fiƙe alƙalami, ya rubuta shafin daga sama har ƙasa bai tsaya ba. Da ya gama ya ajiye alƙalamin. Hawa ta leƙo, ba ta iya karatu ba, amma ta iya karanta fuska. Ta ɗauki mayafinta ta ce Allah ya isa tsakaninta da duk wanda ya rufa wa mai laifi asiri, ta koma gidanta a ranar.

Zaman Juma'a bai taɓa cika haka ba. Taran suna ciki, a waje kuma mutane sun yi cincirindo har bakin kwata, mahauta da 'yan dako da mazajen da suka yi rashi. Sama ta yi duhu da hadari, zauren yana warin ɗanyen goro da jiƙaƙƙiyar tabarma. Gwadabe yana can lungu, rawaninsa a kwance, sandarsa a ƙasa. Baba Isiyaku ya buɗe da addu'a, ya ce Malam ya karanta na zaman da ya wuce.

Maharazu ya karanta ranar, ya karanta sunayen waɗanda suka zo. Ya karanta maganar kwata da ta shara. Sannan ya zo wurin da kowa ke jira, muryarsa ba ta hau ba, ba ta sauka ba.

"Magana ta uku, Rijiyar Mata. Babandi ya kawo shawarar a rufe ta har rani. Dalilin da aka bayar na rufewa shi ne ruwan ya sauya kala da wari tun shigar damina, kuma akwai salga a saman gangaren. Dalilin da aka bayar na barinta shi ne matan layin ba su da wani ruwa kusa, masu sana'a a gida da ita suka dogara, kuma ruwan ya saba sauyawa duk damina. An tattauna, ra'ayi ya rabu. An ɗaga hannu, bakwai a bar ta a buɗe, biyu a rufe. An yanke a bar ta a buɗe. Babandi ya nemi a rubuta bai yarda ba. An ɗora wa Gwadabe ya sa a yashe ta in ruwa ya ɗauke."

Ya rufe littafin. A waje aka fara guna-guni. Wani ya ce shi ke nan? Wani ya ce an saye Malam, wani kuma ya ce wa mai maganar ya ji tsoron Allah, mutumin matarsa ya binne. Baba Isiyaku ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya yi tambayar da ake yi kowane wata.

"Akwai mai gyara?"

Kowa ya dubi Babandi. Amma Gwadabe ne ya yunƙura ya miƙe, yana dafa bango.

"Akwai gyara, Baba." Sai da aka matso aka ji shi. "Malam ya rage. Ni na hana. Na yi tsawa a zauren nan, na buga sanda, na ce sai an bi ta kan gawata. Kowa ya ji. A rubuta haka, a kai wa Bature."

Gwadabe ya juya wajen Maharazu.

"Malam, don girman Allah ka rubuta. Tun ranar nan ban runtsa ba. In na rufe ido matan nan nake gani a layi da tulunansu, suna jira in ba su hanya. A sa ni a jirgi in tafi, ko na samu in yi barci."

Maharazu ya dube shi. Ga abin da ya yi kwanaki yana so, an miƙo masa a tafin hannu, da bakin mai shi, a gaban shaidu. Ba wanda zai zarge shi in ya buɗe littafin ya ƙara layi ɗaya. Hawa za ta dawo ta gaishe shi. Alƙalamin yana hannunsa, da tawada a bakinsa.

"Maigida Gwadabe," ya ce, "dalilin da na karanta na barin rijiyar, shi ka bayar ko wani?"

"Shi ne."

"Na rage wani dalili da ka faɗa?"

"A'a."

"Hannun da aka ƙirga, bakwai ne ko ɗaya?"

Gwadabe ya dubi ƙasa. Ba shi kaɗai ba, sauran shidan ma kowa ya sunkuyar da kai. Tun da cutar ta zo suke zaune a bayan muryar Gwadabe kamar masu fakewa a rumfar wani, har wasunsu sun fara manta cewa sun ɗaga hannu.

"Gyara na abin da aka rubuta ba daidai ba ne," in ji Maharazu. "In na yi kuskure a abin da aka yanke, ko a ƙirga, ko a wanda aka ɗora wa aiki, a faɗa mini in gyara yanzu. Tsawa ba a yanke ta ba. Ba ka rufe rijiya ba, ba ka buɗe ta ba, majalisa ce ta bar ta."

Baba Isiyaku ya daɗe yana murza carbinsa. Shi ma yana cikin bakwai ɗin. A al'ada yakan tambayi zaure gaba ɗaya ne a amsa masa baki ɗaya, amma a ranar sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya da suna, yana cewa, "Haka aka yi?" Kowanne ya ce haka aka yi. Wani da ƙyar maganar ta fito. Babandi ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, ya dubi fuskokin da ke kewaye da shi, ya ce haka aka yi. Gwadabe ne na ƙarshe. Ya zame ya zauna, ya rufe fuska da hannun riga, daga ciki ya ce haka aka yi. Baba Isiyaku ya karɓi alƙalami ya sa hannu.

Aka kawo maganar cike rijiyar da ƙasa. Maharazu ya jira a ba da dalili ya rubuta, ba wanda ya yi magana. Hannu tara suka tashi. Kwafen ya tafi ofis washegari yadda yake, kuma da ba a samu sunan mutum ɗaya da za a ɗora wa ba, sai umarni ya dawo a cike rijiyar, a matsar da salgar, a kai rahoto. Ba a sa kowa a jirgi ba. Wasu a unguwar sun yi shekaru ba su yafe wa Maharazu wannan ba.

Amma a yammacin Juma'ar, da aka tashi, mutane suka watse da sauri don hadari ya taso. Maharazu ya tsaya ya busar da shafin, ya toshe kurtu, ya sa komai a gafaka. Da ya fito ya tarar da Gwadabe a tsaye a bakin zaure, shi kaɗai, yayyafi na sauka a kansa.

"Malam," ya ce, "da ka zage ni a littafin nan da ya fi mini sauƙi."

"Na sani," in ji Maharazu. "Ni ma da ya fi mini."

Babu sauran abin faɗa, kuma layinsu ɗaya ne, gidan wannan na kallon na wancan. Don haka tare suka gangara.